Rabin makin da ke gyara lissafin canki-canki

Ina koyar da ƙididdiga, kuma tambayar da nake buɗe wannan darasi da ita ita ce: jarrabawa mai tambaya 100, kowace amsarta "gaskiya" ko "ƙarya", ɗalibi bai karanta komai ba, canki-canki kawai ya yi. Mene ne yiwuwar ya ci maki 60 ko fiye?

Kafin mu taɓa lissafi, nakan sa kowa ya jefa kwabo sau 100 ya ƙirga sau nawa fuska ɗaya ta fito, mu zana sakamakon a allo, kowace lamba da sandarta. Sanduna sukan taru a wajajen 50, su yi ta gajarcewa hagu da dama, har siffar ƙararrawa ta fara bayyana. Dalili kuwa, hanya ɗaya tak ce ta cin 100, wato a dace a kowace tambaya, amma hanyoyin cin 50 sun kai 1 da sifili 29 a bayansa. Dace a nan yana goge rashin dace a can. Wannan shi ne ruhin ƙa'idar da littattafai ke taƙaitawa da CLT: idan aka tara ƙananan abubuwa masu yawa waɗanda ba ruwan wani da wani, jimillarsu tana kusantar siffar ƙararrawa, ko da kowannensu 0 ne ko 1. Abraham de Moivre ya nuna haka game da jefa kwabo tun 1733, Laplace ya faɗaɗa shi daga baya.

Ƙararrawar tana buƙatar lamba biyu. Matsakaici shi ne np, inda n ke nufin yawan tambayoyi, p kuma yiwuwar dacewa a kowace ɗaya, wato 100 × 0.5 = 50. Ma'aunin warwatsuwa kuma √(np(1−p)) = √25 = 5. Daga nan yawancin ɗalibai kan ce 60 ta wuce 50 da goma, goma a raba da biyar, z = 2, wato tazarar ta kai ma'aunin warwatsuwa sau biyu, teburin z, mai nuna filin ƙararrawa da ya rage bayan wannan tazara, ya ba da 0.0228. Sai in buɗe Excel mu nemi ainihin amsar bainomiyal, wato lissafin da ke ƙirga sandunan kansu ba tare da kimantawa ba:

```
=1-BINOM.DIST(59,100,0.5,TRUE)
```

Ta fito 0.0284. Giɓin kamar ba komai ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na amsar ne ya salwanta.

Ina ya tafi? A nan nake komawa allo da alli a hannu. Maki lamba ce cikakkiya, babu mai cin 59.7, ita kuwa ƙararrawa layi ne santsi mai auna fili. Sandar 60 tana da faɗi: ta faro daga 59.5 ta ƙare a 60.5. Wanda ya yanka a kan 60 daidai ya tsaga sandar gida biyu, ya zubar da rabi. Kuma a wannan wutsiyar ita ce sanda mafi tsawo, don haka asarar ta yi nauyi. Mu yanka a 59.5: z = 9.5/5 = 1.9, tebur ya ce 0.0287. Yanzu bambancinmu da ainihin amsa bai wuce 0.0003 ba.

Abin da na koya shi ne kada in bar kowa ya haddace "a ƙara rabi" ko "a cire rabi". Haddar nan rikicewa take a zauren jarrabawa. Nakan ce a zana sandar, a tambayi kai: tana ciki ko tana waje? "60 ko fiye" tana ciki, a faro daga 59.5. "Fiye da 60" tana waje, a faro daga 60.5. "50 cif" kuwa daga 49.5 zuwa 50.5 ne, ya ba da 0.0797, ainihin amsa 0.0796. Ba tare da gyaran ba, ƙararrawa sifili za ta ce, alhali 50 ita ce makin da ya fi kowane fitowa.

Sai dai rabin ba ya maganin komai. A ce ƙwai 100 aka ɗauko, yiwuwar fashewar kowanne 0.02. Matsakaici 2, warwatsuwa 1.4. Ƙararrawar za ta malala har ƙasa da sifili, in an yanka a −0.5 ta ba "ƙwai ƙasa da babu" yiwuwar kusan 0.04. Da na ga haka na san kimantawar ta ɓaci. Yiwuwar babu ko ɗaya da ya fashe 0.133 ce, sandar ƙararrawa daga −0.5 zuwa 0.5 kuwa kusan 0.105 take bayarwa. Don haka nake duba np da n(1−p) tukuna: wasu littattafai sun ce su kai 5, wasu 10, ni na fi natsuwa da 10. Idan p ƙanƙanuwa ce haka, kimantawar Poisson, wadda aka tanada don abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba, ta fi dacewa, tana ba da 0.135.

Akwai kuma sharaɗin da babu tebur da zai duba maka shi: ya zama ba ruwan wani da wani. Ƙwan da ke kiret ɗaya, in mota ta faɗa rami, tare suke fashewa. Da zarar haka ta faru, shi kansa bainomiyal ɗin bai dace da lamarin ba, balle ƙararrawar da ke kwaikwayonsa.