Wasiƙar da ta sa aka sake buɗe takardar maki

A shekarun da na yi ina taimaka wa jami'in jarrabawa na wani sashe a wata jami'a a nan Kano, na ga takardun koke kala-kala. Yawancinsu magana ɗaya suke yi: na yi karatu, na amsa tambayoyi da kyau, ban cancanci wannan sakamako ba. Irin wannan takarda ba ta ba malami abin da zai duba, shi ya sa takan ƙare a cikin durowa. Wadda na ga ta yi aiki wata ɗalibar aji uku ce ta rubuta, kuma ko shafi ɗaya ba ta cika ba.

A takardar tsarin kwas da malamin ya raba farkon zango, an ce aikin aji maki 40 ne, jarrabawa 60. Ɗalibar ta samu 16 cikin 20 a gwaji, 8 cikin 10 a jinga, 9 cikin 10 a aikin ɗakin gwaje-gwaje. Jimla 33. Da aka liƙa sakamako a allo sai ta ga aikin aji 25, jarrabawa 32, jimla 57, wato C.

Da wani ne, nan take zai ce an cinye masa maki takwas. Ita kuwa sai ta tsaya ta nemi inda 25 ɗin ya fito. Ta bi jerin daga sama har ƙasa, ta ga babu wanda ya haura 30 a aikin aji, har da waɗanda kowa ya san su ne zakarun ajin. Sai ta lissafa 33 × 30 ÷ 40, ya ba ta 24.75, wanda idan aka cike ya zama 25. Ashe an auna ajin ne da ma'aunin 30 da 70. Daga baya muka gano cewa malamin ya ɗauko fayil ɗin Excel na wani kwas ya zuba sababbin sunaye, tsohon lissafin yana nan a ciki.

Bayan gaisuwa da sunan kwas da lambarta, ga abin da ta ce:

"Allah ya gafarta Malam, ina roƙon a duba mini lissafin makina. Tsarin kwas ya nuna aikin aji 40, jarrabawa 60. Takardun da aka dawo mini da su sun ba ni 33 cikin 40, amma a allo na ga 25, wanda ya yi daidai da 33 idan aka mayar da shi kan 30. Idan 32 ɗin jarrabawa kan 70 yake, to kan 60 zai zama 27.4, jimla 60.4. Na haɗa kwafin takardun. In akwai canjin da aka yi wa tsarin ban sani ba, ina roƙon Malam ya fahimtar da ni."

Maganar ƙarshen nan ta fi burge ni. Ta bar wa malamin ƙofar fita, kuma ba ladabi kawai ba ne, domin yakan faru a sauya tsari a sanar a aji ranar da mutum bai zo ba. Sannan ba ta nemi a sake duba amsoshinta ba. Wannan hanya ce daban, ta hukuma, wadda takan buƙaci cike takarda da biyan kuɗi, kuma malamai da yawa sukan ɗauke ta kamar tuhuma. Sake lissafi kuwa aikin minti biyar ne.

Bambancin C da B ba ƙarami ba ne. A ma'aunin maki biyar, 50 zuwa 59 C ne mai maki 3, 60 zuwa 69 kuma B mai maki 4. Kwas ɗin yunit uku ne, don haka 9 ya koma 12. A zangon da aka ɗauki yunit 18, wannan ƙarin 0.17 ne a GPA, wato matsakaicin makin zango. Ta kuma yi sa'ar lokaci: sakamakon bai kai gaban majalisar jami'a ba tukuna. Da ya wuce can, malami shi kaɗai ba shi da ikon taɓa shi, sai an bi ta shugaban sashe da tsangaya, abin da kan ci watanni.

Abin da ba kowa ya yi tsammani ba shi ne gyaran ya shafi ajin gaba ɗaya, kuma ba kowa ya ji daɗinsa ba. Akwai wanda ya samu 16 cikin 40 a aikin aji, da kashi 70 cikin ɗari a jarrabawa. A lissafin kuskure yana da 12 da 49, wato 61, B. Da aka gyara ya dawo 16 da 42, wato 58, C. Shugaban sashe ya sa aka cire tsohon jerin aka liƙa sabo da bayanin cewa an gyara ma'auni, kuma ya hana a faɗi sunan wadda ta rubuto wasiƙar.