Da wane nauyi ake lissafa furotin idan ana rage kitse?

Lokacin da na fara rage ƙiba ina da nauyin kilo 98, tsawona kuma mita 1.78, kuma na daɗe ina ɗaga ƙarfe da yamma tare da wasu abokai a nan Maradi. Abin da nake so shi ne teɓar ta sauka ba tare da tsokar da na wahala na gina ta bi ta ba, domin jikin da aka rage wa abinci ba kitse kaɗai yake ƙonawa ba, yakan taɓa tsoka ma idan bai ga dalilin riƙe ta ba. Abu biyu ne ke ba shi wannan dalili: aikin ƙarfi da ake ci gaba da yi, da isasshen furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a nama da ƙwai da nono da wake. Tambayar da ta tsaya mini ita ce giram nawa zan ci a rana, kuma da wane nauyi zan yi lissafin.

Adadin da hukumomin lafiya suka saba bayarwa shi ne giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki, amma wannan ma'auni ne na abin da zai hana babban mutum mai lafiya shiga ƙaranci, ba a tsara shi don mai rage abinci yana ɗaga ƙarfe ba. A shekarar 2018 wani mai bincike mai suna Morton da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon bincike 49 a kan masu motsa jiki da ƙarfe, suka ga cewa amfanin ƙarin furotin wajen gina tsoka yana tsayawa a wajen giram 1.6 ga kilo, tare da yiwuwar wasu mutane su amfana har zuwa 2.2. Akwai kuma gwajin da aka yi a jami'ar McMaster ta Kanada aka buga a 2016, inda aka rage wa samari kashi 40 cikin ɗari na abincin da jikinsu yake bukata har mako huɗu, suna motsa jiki mai tsanani. Waɗanda suka ci giram 2.4 ga kilo sun zubar da kitse kilo 4.8 kuma naman jikinsu ya ƙaru da kilo 1.2, waɗanda suka ci 1.2 kuwa kitsen kilo 3.5 suka zubar, naman jikin nasu ya tsaya kusan yadda yake. Daga nan ne tazarar 1.6 zuwa 2.2 da ake yawan ji a bakin masu ɗaga ƙarfe ta samo ƙarfinta.

Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen ninkawa. Wani matashi a wurin atisayenmu, siriri mai kilo 68, ya ce da ni: "Yaya, ai ku ninka nauyinku da 2.2 kawai, haka nake yi." A wajensa lissafin ya ba da giram 150, abin da yake iya ci. A wajena kuwa 98 sau 2.2 ya kai giram 216, wanda ya yi daidai da kusan kilo guda na ɗanyen jan nama kowace rana. Ko da aljihu zai ɗauka, babu hujjar yin haka, saboda furotin tsoka da gaɓoɓi yake yi wa hidima, kitsen da ke kwance a ciki da kwankwaso bukatarsa kaɗan ce ƙwarai. Mutumin da kusan kashi uku cikin goma na jikinsa kitse ne, idan ya ninka da nauyinsa gaba ɗaya, ya ƙirga wa kitsen abincin da ba ya bukata.

Saboda haka na yi lissafin da nauyin da nake son kaiwa, ba wanda sikeli yake nuna mini ba. Hanyar da na bi mai sauƙi ce: na ninka tsawona da kansa, 1.78 sau 1.78, ya ba da 3.17, sannan na ninka da 25, wanda shi ne iyakar BMI, ma'aunin da ke gwada nauyi da tsawo, da ake ɗauka nauyi bai wuce kima ba, na samu kilo 79 da ɗoriya, na cike shi 80. Kilo 80 sau 1.6 ya zama giram 128, sau 2 kuma ya zama 160. Na tsayar da 130 a matsayin adadin da ba zan sauka ƙasa da shi ba, duk ranar da hali ya yi kuma in haura zuwa 150. A ganina mai teɓa ya fara daga ƙasan tazarar ya fi masa, domin kitsen da yake ɗauke da shi yana ba jiki makamashi, yana kuma rage barazanar da ke kan tsoka. Siririn mutum da yake son ƙara bushewa shi ne yake bukatar saman tazarar, kuma shi yana iya ninkawa da nauyinsa na yanzu ba tare da lissafin ya kauce ba.

Samun adadin bai ɗauki lokaci ba, mayar da shi abinci ne ya ɗauki hankalina. Giram ɗari na nama ba giram ɗari na furotin ba ne: ɗanyen jan naman sa marar kitse yana da kusan giram 20 zuwa 21 a cikin ɗari, sauran galibi ruwa ne. Idan aka gasa shi ruwan yakan fita, nauyin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, shi ya sa giram ɗari na gasasshe yake kai 27 zuwa 30. Haka wake yake, amma ta ɗaya gefen: busasshe yana da kusan giram 23 a ɗari, dafaffe kuwa da ya sha ruwa ya kumbura bai wuce 8 ba. Wanda ya auna dafaffen wake ya lissafa shi da adadin busasshe zai ɗauka ya ci ninki uku na abin da ya ci. Na sayi ƙaramin sikelin girki, na roƙi maiɗakina mu riƙa auna rabona tun yana ɗanye kafin ya shiga tukunya. A wajen mahauci kuma, tun da kashi-kashi ake sayarwa da ƙashi da kitse a haɗe, sai in ce masa: "Malam, a yanko mini jan nama zalla daga cinya, ban da kitse." A gida nakan ɗora shi bisa sikeli, in ga abin da ya rage bayan an fere farin da ke gefe.

Da safe nakan ci dafaffen ƙwai uku, kowane yana da giram 6, in sha kindirmo rabin lita ba sukari, wanda ke ba da wajen giram 16, jimla 34. Nonon da aka tsinka da ruwa ba ya kai wannan adadi, don haka nake neman mai kauri. Da rana wake da shinkafa ne, amma an juya shi yadda waken ya fi yawa: giram ɗari na busasshen wake da ƴar shinkafa kaɗan, tare da kifin gwangwani guda da aka tsiyaye mansa, wanda shi ma yake ba da kusan 20, gaba ɗaya wajen giram 45. Bayan la'asar nakan ci fara kamar giram 30, domin busasshiyar fara kusan rabin nauyinta furotin ne, kuma a kasuwar Maradi ba ta wuyar samu. Wannan ya ƙara 15. Da dare jan nama giram 150 a ɗanye, da ƙaramar malmalar tuwon gero da miyar kuka, wajen giram 35. Idan aka tara duka an kusa 130. Rarraba shi gida huɗu ya yi kusa da shawarar da masana suke bayarwa ta kusan giram 0.4 ga kilo a kowane ci, wato wajen 30 a wajena, kuma ya fi sauƙi ga ciki a kan a jibge komai da dare.

Abin da ya fi koya mini hankali shi ne kallon kalori, wato makamashin da kowane furotin yake tahowa da shi, tun da abincina na yini bai kamata ya wuce kalori 2000 ba. Gyaɗa tana da furotin giram 25 a ɗari, amma tana tafe da kalori wajen 570 saboda mai. Wake abinci ne mai albarka da arha, sai dai da zan nemi giram 130 daga gare shi kaɗai, zan ci fiye da rabin kilo na busasshe, wanda ya kusa cinye kalorin yinin duka. Awara tana da kyau matuƙar ba a tsoma ta cikin mai ba, haka ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗa furotin tun da an matse mai, amma an sake soya shi. Fura kuwa, wadda muka tashi da ita, gero ne ya fi yawa a cikinta, sai in rage dunƙulen in ƙara nonon. Don haka wake ya zama ginshiƙin abincin rana, nama da ƙwai da kifi suka cike giɓin da ƙarancin kalori.

Da nauyina ya sauko zuwa kilo 90 ban rage adadin ba, domin tun farko ba da 98 na yi lissafi ba, tsokar da nake karewa kuma tana nan. Alamomin da nake dubawa su ne saurin saukar nauyi, faɗin ƙugu da ƙarfina a wurin atisaye. Saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, wato tsakanin rabin kashi ɗaya da kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki, tare da ƙugu yana raguwa da awon tef ɗin tela kuma ƙarfen da nake ɗagawa bai ragu ba, yana nuna kitse ne yake tafiya. Idan ƙarfi ya yi ta faɗuwa mako bayan mako, yunwa tana hana barci, to ko dai an matse abinci fiye da kima ko furotin ya gaza, kuma duba littafin da ake rubuta awon abinci yakan nuna wanne ne.

Wannan lissafi na mai lafiyayyar ƙoda ne. Wanda yake da ciwon ƙoda, ko ya daɗe da ciwon sukari ko hawan jini, ya kamata likita ya auna ƙodarsa kafin ya ƙara furotin, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu na garin nan ruwan sha ba abin wasa ba ne. A watan azumi ma ban taɓa adadin ba, jadawalin kawai na sauya zuwa gida uku: giram 45 da sahur daga ƙwai da kindirmo da wake, giram 45 bayan buɗe baki, sauran 40 kuma bayan tarawihi.