Daga Garwa zuwa Marwa: shekarar da aka rubuta da haruffa

Daga Yola na shiga Kamaru, na kwana a Garwa a bakin kogin Binuwai, washegari na kama hanyar Marwa ta Figil, tafiyar kilomita kusan 200. Abin da ya kai ni shi ne tsofaffin takardun da ke hannun Hausawan Marwa, jikokin fatake da almajiran da suka shigo ƙasar bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809. Kowane gari da Fulani suka kafa ya sami lamiɗo, lamiɗo kuwa ba ya mulki sai da limami da alƙali da magatakarda, saboda haka duk inda sarauta ta zauna sai allo da tawada su bi ta.

Rubutun ya girmi jihadi nesa ba kusa ba. Sarakunan Barno sun daɗe suna rubuta wa malamai mahram, takardar da ke ɗauke musu haraji da fita yaƙi, kuma wasiƙar da Mai Usman bin Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391 tana nan a littattafan Masar. Daga Barno ɗin ne salon rubutun allo mai kauri ya bazu kudu, wanda a cikinsa harafin fa yake da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama.

Wani dattijon malami, wanda kakansa ya yi wa wani alƙali rubutu, ya karɓe ni a zaurensa. Ya kwance gafaka ya zaro falle ɗaya, takardar bashin gishiri tsakanin fatake biyu, da bisimilla a sama da sunayen shaidu biyu a ƙasa. Na duba ko'ina ban ga lamba ba, sai na ce, "Allah gafarta Malam, ai ba a sa shekara ba." Ya ɗora yatsa a kan wata 'yar kalma mai haruffa uku, shin da sin da kaf, ya ce, "Ga ta nan, ɗana, ramzi ne."

A ramzi kowane harafi yana da adadinsa, ana tara su a sami shekarar Hijira. Wurin da ake tuntuɓe shi ne lissafin iri biyu ne. A na Magrib, wanda malaman ƙasarmu suka gada, shin 1000 ce, sin 300, kaf 20, jimilla 1320. A na Gabas kuwa, wanda yawancin masu karatun zamani suka sani, shin 300 ce, sin 60, sai jimilla ta faɗo zuwa 380, lokacin da babu Marwa a matsayin garin alƙalai, balle fataken Kano a cikinta. Malam ya ce da zarar shekara ta fito ƙasa da 1000 a takardar wannan yanki, to mai karatu ya ɗauki lissafin da ba na marubucin ba.

Daga nan muka mayar da ita Miladiyya. Tun da shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, a kowace shekara 33 ana samun rarar guda. Muka raba 1320 da 33 muka sami 40, muka cire 40 saura 1280, muka ƙara 622, sai ga 1902. Wannan lissafi yana iya kuskure da shekara ɗaya, amma a nan ya zauna daidai, domin 1320 ta kama ne a Afrilun 1902. Ke nan an rubuta bashin bayan Jamusawa sun ci Marwa a Janairun shekarar, kuma wannan ya taɓa ni ƙwarai: mulki ya sauya hannu, amma attajiri bai fasa zuwa gaban malami da shaidunsa ba.

Malam bai yarda da ramzi kaɗai ba, domin mai kwafa yakan kwafe har shekarar asali a sabuwar takarda. Ya ɗaga fallen zuwa hasken ƙofa, muka ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikinsa, irin takardar arewacin Italiya da ayari ke kawowa ta Tarabulus. An daɗe ana yin wannan tambari, saboda haka ba ya ba da shekara, sai dai ya nuna takardar ba ta zamanin nan ba ce. Tawadar ma ya duba: ta allo gawayi ce da ƙaro, ruwa na wanke ta, ita kuwa wannan ta kama takarda ta koma ja-ja, kamar yadda tawadar bagaruwa ke yi idan ta tsufa.

Kafin la'asar mun karanta falle huɗu, biyu daga ciki babu shekara sam, sai sunan alƙalin da aka yi shaida a gabansa, wanda Malam ya lissafa zamaninsa daga jerin alƙalan da ya haddace daga bakin mahaifinsa.