Kwana uku da maigadina ya tafi Sallah

Ina sayar da batiran sola da inbata a Kano, shago ne da sito a bayansa. Farkon 2023 kayan da ke ciki sun kai na naira miliyan 12, wasu ma na bashi ne, shi ya sa na nemi dillalin inshora ya yi mini inshorar fasa shago. Na ɗauka kuɗi kawai zan biya a ba ni takarda. Sai ga kamfanin ya turo wani mutum da tocila da abin awo wai zai duba wurin tukuna.

Ƙofar gaba, wadda na kashe wa kuɗi nake alfahari da ita, kallo ɗaya ya yi mata ya wuce. Bayan sito ya zarce. Ya kama ƙarfen tagar ya girgiza, ya nuna mini cewa da kusoshi aka kafa shi jikin katakon firam, wanda kowa zai iya ɓamɓarewa da guntun rodi. Ya ce a cire, a sa rodi mai kauri a binne bakinsa cikin bango da siminti, tazarar da ke tsakani kuma kada ta isa kan yaro ya shiga. Ya ɗaga kwaɗon ƙofar baya ya ce, "Alhaji, wannan wuyansa a waje yake, almakashin ƙarfe zai datse shi kafin ka ce kwabo." Ya buƙaci kwaɗo mai ɓoyayyen wuya, kuma sakatar ciki ita ma a rataya mata nata, don ko wani ya diro ta taga kada ya zare ta kawai ya buɗe wa 'yan'uwansa. Har silin ya leƙa, ya tambaya ko bangon da ke tsakanina da maƙwabci ya kai har kwano.

Duk na yi. Mai walda ya kwana biyu yana aiki. Da takardar ta fito, waɗannan abubuwa suna ciki a matsayin sharuɗɗa, tare da wasu biyu: kada a bar makulli a cikin shago bayan an tashi, kuma a samu maigadi a wurin kowane dare daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Na karanta, ban tsaya a kan "kowane dare" ba, tunda ina da maigadi, dattijo ne da ya shekara huɗu tare da ni.

Ana gobe babbar Sallah ya zo ya durƙusa ya ce yana son ya je gida kwana uku. Wa zai hana dattijo Sallah da iyalinsa? Na ba shi kuɗin mota, na ce, "Baba, a gaida gida." A raina na ce ai akwai 'yan sintirin layi da muke haɗa wa kuɗi duk wata, ga ƙarfe ko'ina. Ban kira dillalin ba, bai ma faɗo mini a rai ba.

Daren na biyu aka yi ruwa mai ƙarfi. Da safe yarona ya kira ni muryarsa na rawa. Sun yanke rodi uku na tagar baya da zarto, wani ya shiga, ya yanke maratayin kwaɗon sakata daga ciki, suka buɗe ƙofa. Batir 16 masu amfiya 200 suka ɗauka, da inbata uku. Ga sawun tayar mota a cikin taɓo har bakin ƙofar.

Na kai rahoto wurin 'yan sanda, na sanar da kamfanin ran nan, ban bari an taɓa komai ba sai da mai tantance asara ya zo. Ya ɗauki hoton rodin da aka yanke, ya ce wannan ɓangaren ba matsala. A nan na gane wani amfanin ƙarfen da ban sani ba. Inshorar fasa shago tana biya ne idan an shiga ko an fita da ƙarfin tsiya, wato an fasa, an yanke, an ɓalle. Da a ce na tarar da ƙofa a buɗe lafiya ƙalau, kwaɗo ba ko kwarzane, to magana ta koma kan wanda ke riƙe da makulli, kuma satar ma'aikaci wata inshora ce daban. Yankakken rodin nan shi ne shaidata.

Muka zauna kan lissafi da rasit da littafin kaya. Farashin sari suke bi, ba na sayarwa ba: batir 16 a kan 220,000 ya kama 3,520,000, inbata uku 900,000, jimla 4,420,000. Takardata ta ce kashi 10 cikin 100 na kowace asara ni zan ɗauka, saura 3,978,000 ke nan. Har na fara samun natsuwa sai ya rufe littafin ya ce, "Alhaji, ina son in gana da maigadin."

Na faɗa masa gaskiya. Da ma ƙarya ba za ta yi ba, duk layin sun san Baba ya yi tafiya. Na kawo zancen 'yan sintiri, ya ce su suna zagaya layi ne, takarda kuwa maigadi a wurin ta ce.

Na yi fushi sosai, na je wurin dillalin ina cewa da ma neman hanyar ƙin biya suke. Shi ya zaunar da ni ya ce mu ƙirga aikin ɓarayin. Yanke rodi uku da zarton hannu, sannan maratayin kwaɗo, sannan jidar batir 16 kowanne wajen kilo 60, mutum biyu-biyu. Wannan ba aikin minti biyar ba ne, ya kusa awa ko ya fi. Ƙarfe ba ya hana ɓarawo shiga, jinkirta shi yake ya tilasta masa yin ƙara. Jinkirin da ƙarar kuwa sai akwai mai ji suke da amfani. Ni na sayi awa guda da kuɗin walda, na bar ta ba kowa. Kuma kuɗin da kamfanin ya yanka mini a shekara, ya yanka ne a kan shagon da ke da mutum a bakinsa. Shagon da ba kowa, farashinsa daban ne, ko ma su ƙi karɓa.

Ya ƙara nuna mini cewa dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ba ta yarda kamfani ya fake da kowane sharaɗi ba, sai wanda ke da alaƙa da haɗarin ko asarar. Wato da abin kashe gobara ne na bari ya lalace, ba za su kafa hujja da shi a kan sata ba. Amma rashin maigadi a daren da aka yi awa guda ana yanka ƙarfe, wace gardama zan yi? Ya ce ina iya kai koke NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, in na ga an zalunce ni. Na kwana ina juya maganar, ban ga abin da zan rubuta ba.

Bayan wata biyu ana kai-komo, suka ba ni miliyan ɗaya, suka rubuta ƙarara cewa alfarma ce ba haƙƙi ba, saboda na cika sauran sharuɗɗan kuma ban ɓoye komai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wanda zai riƙe mini wurin kwana ukun nan ba zai wuce naira dubu 15 ba.

Da na zo sabuntawa na sa aka gyara lafazin, aka rubuta cewa an yarda da wakili idan maigadi ba ya nan, in dai na sanar kafin dare. Na ajiye littafi a bakin ƙofa, mai karatu ya sa hannu, marar karatu ya dangwala. Baba yana nan har yanzu. Da Sallar da ta biyo baya ta matso, tun saura mako ya kawo mini ɗan ƙaninsa, na ɗauki hoton katin shaidarsa na tura wa dillalin, sannan na ba Baba kuɗin mota.