Yadda na auna yatsana da hunturu, zobe ya maƙale da bazara

Yayata ce za ta tafi Umara a watan Janairu, ta kira ni da daddare ta ce in turo mata lambar yatsana, za ta yi mini tsarabar zoben zinariya. Washegari bayan sallar asuba, ga sanyin hunturu na Kano yana shiga har ƙashi, na yanko zaren ɗinki na naɗa a gindin yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa na hannun dama, na ja shi sosai don kada ya zame, na ɗiga masa biro, na shimfiɗa a kan rula. Milimita 52 ya nuna. Na tura mata, ta sayo mai lamba 52.

Ranar da zoben ya iso sai da na ɗan tura kafin ya wuce gaɓa, amma ya zauna, na yi ta murna. Matsalar ba ta fito ba sai a watan Afrilu, da bazara ta kankama. Mun wuni gidan biki, na ci tsire da yaji, na ci shinkafar da ta ji dunƙule, ga zafin rana muna zaune ƙarƙashin rumfa. Da na dawo gida bayan magariba na zo cire zoben, ko motsi ya ƙi yi. Naman yatsan ya taso ta sama da ta ƙasa kamar an ɗaure bakin buhu, ina jin bugun jini a ciki. Na tsorata ƙwarai. Da na ga jan zoben da nake yi sai ƙara kumbura shi yake yi, sai na bari, na ɗaga hannun sama da kaina na kusan minti biyar, na tsoma shi cikin ruwan randa mai sanyi, sannan na shafa sabulu na riƙa murza zoben a hankali ina juya shi har ya fita. Shatinsa ya kwana a yatsana.

Na kai shi wurin wani dattijo maƙerin zinariya. Ya zura zoben a wata sandar ƙarfe mai tsini da lambobi a jiki, ya ce ai 52 ɗin ne cif, zoben ba shi da laifi. Sai ya tambaye ni: “Hajiya, da me kika auna, kuma da wane lokaci?” Da na faɗa masa, ya girgiza kai ya ce: “Kin haɗa abu uku. Zare yana miƙewa kuma yana nutsewa cikin nama, kin auna cikin sanyi, sannan ba ki auna gaɓa ba. Zobe kuwa ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa don ya wuce gaɓa.” Na ce, “Baba, to yanzu yaya za a yi?” Ya ce in koma in yi kwana uku ina awo da takarda, in kawo masa lambobin.

Ga yadda na yi. Na yanko takarda siririya, faɗinta kamar na zoben, wajen milimita biyar, tsawonta kamar santimita goma. Na naɗa ta a gindin yatsa yadda za ta kwanta a fata ba tare da ta matse ba, na sa alama da biro mai siririn baki daidai inda bakin takardar ya haɗu da jikinta, na auna a rula. Sai na sake naɗawa a kan gaɓar tsakiya. Kowane awo da sabuwar takarda, don ta farko takan yi laushi da gumi. Da asuba ina samun 54 a gindin yatsa, da hantsi ya sauka 53, da la'asar sakaliya ya hau 55. Gaɓar kuwa tana tsakanin 55 da 56, ba ta cika canzawa ba, tunda ƙashi ya fi yawa a wurin. Ke nan zoben 52 tun farko ya yi mini kaɗan, sanyi ne kawai ya rufa masa asiri.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda yatsa ɗaya zai ba da lamba uku a wuni ɗaya. Da na bi diddigi, sai na ga duk maganar ruwan jiki ce. Idan zafi ya yi yawa, jiki yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na kusa da fata don ya fitar da zafin, jini ya ƙaru a hannu da ƙafa, wani ruwa kuma ya tsattsafo daga jijiyoyin ya zauna cikin nama. In hannun yana rataye ƙasa, kamar lokacin doguwar tafiya a ƙafa, abin ya fi yawa. Sanyi kuma akasin haka yake yi, jijiyoyin su tsuke, yatsa ya rame. Shi ya sa da hunturu mace za ta yi alwala da ruwan sanyi ta ji zobenta yana neman sulɓewa.

Gishiri kuma sinadarin sodiyam da ke cikinsa ne yake riƙe ruwa. In ya yi yawa a jini, ƙishirwa ta taso, a sha ruwa, ƙoda kuma ta riƙe ruwan har sai ta gama tace rarar, abin da kan iya ɗaukar wuni guda ko biyu. Kuma ba gishirin da ake barbaɗawa kaɗai ba ne: dunƙule, kanwa, kilishi da yajin tsire duk suna ɗauke da shi. Kumburin asuba kuwa daga kwanciya yake. Da rana ruwa yana gangarawa ƙafafu, in an kwanta sai ya bazu ko'ina, har hannu da fuska, sai an tashi an motsa jiki ya sauka.

Lambar da na samu, wato zagayen yatsa a milimita, ita ce lambar zobe a tsarin Turai. Amma wasu masu sayarwa da tsarin Amurka suke aiki, inda lamba 6 take kusan milimita 52, lamba 7 kusan 54 da rabi, lamba 8 kuma 57. Ka ga tsakanin lamba da lamba milimita biyu da rabi ne kacal, don haka kaurin layin biro ma yana iya ɓata lissafi. In akwai wani zoben da ke zama daidai a wannan yatsan, ya fi sauƙi a auna faɗin raminsa daga ciki zuwa ciki a ninka da 3.14. Nawa na azurfa ya ba ni 17.5, wanda ya kama 55. Sai dai a kula, hannun da mutum ya fi aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri, kuma zobe mai faɗi ya fi siriri matsewa ko da lambarsu ɗaya.

Wata ƙanwata mai juna biyu ta so mu auna nata, na ce ta bari sai bayan ta haihu, don ciki yana kumbura yatsu. Na kuma ja mata kunne cewa in hannu da fuska suka kumbura farat ɗaya, musamman da ciwon kai ko gani dishi-dishi, to asibiti za ta nufa a duba hawan jini a ranar. Haka ma zoben da ya maƙale har yatsa ya fara yin duhu ko ya daina ji, yanke zoben ake yi ba a jira.

Maƙerin ya duba lambobina ya zaɓi 55. Ya yanke zoben ta ƙasa ya ƙara ɗan guntun zinariya ya goge, ya ce na yi sa'a ba mai duwatsu kewaye ba ne, don irin wannan da wuya ya gyaru. Yanzu yana wuce gaɓa da ɗan murzawa, da la'asar ba ya matse ni, da hunturu kuma yana ɗan juyawa amma ba ya faɗuwa.