Yadda na daidaita tambari da rubutun ƙasa a PowerPoint

Shagon buga takardu gare ni a Birnin Kebbi, to wata ƙungiyar manoman shinkafa ta kawo mani aikin haɗa bayanin da za su gabatar a taronsu na shekara. Mutanen Argungu sun turo nasu silayid, na Yauri sun turo, na Zuru ma haka, kuma kowa ya manna tambarin ƙungiya da hannu inda ya ga dama, wani dama wani hagu, wani ya ja shi har ya baje. Sakatare ya ce Malam a daidaita mana su kawai. Silayid 46 ne, in ka ce ɗaya bayan ɗaya za ka bi wallahi sai an samu wanda ya goce.

Abin da na fara dubawa girman shafi ne, Design sannan Slide Size. Na bar shi a 16:9, wato faɗi santimita 33.87 tsayi 19.05, don in ka sa tambari tukuna daga baya ka koma 4:3 yana iya matsewa ko ya bar wurinsa.

Daga nan sai View, ka danna Slide Master. A hagu akwai babban shafi can sama, ƙanana na jere ƙarƙashinsa. Babban shi ne uwa, ƙananan kamar Title Slide da Title and Content da Two Content gado suke ci daga gare shi. Ka lura da kyau, in ka shiga ba a kan babban yake ajiye ka ba, a kan ƙaramin da silayid ɗinka ke amfani da shi ne, sai ka gungura sama da kanka. Wanda bai lura ba zai sa tambari a ƙarami ɗaya, ya fito ya ga wasu shafuka na da shi wasu babu. Ni a babban na sa, Insert sannan Pictures, kusurwar dama ta sama, tsayi santimita 1.5, na kuma rage faɗin akwatin take don dogon take kada ya hau kansa. Shafin farko suna son babban tambari a tsakiya, sai na zaɓi Title Slide na danna Hide Background Graphics, ƙaramin ya ɓace a nan kaɗai, na sa babban.

Rubutun ƙasa kuwa shi ne wurin da na fi so mutane su gane, don halinsa daban da na tambari. Tambari hoto ne, kana sa shi a uwa ya fito ko'ina. Amma akwatuna ukun nan na ƙasa, kwanan wata da rubutu da lambar shafi, gurbi ne kawai, a uwa kana gyara wurinsu da launi da girman rubutu ne, ba za su fito a silayid ba sai ka kunna su. Na danna Close Master View, na je Insert, Header & Footer, na yi alama a Slide number da Footer, na rubuta sunan ƙungiya, na yi alama a Don't show on title slide, sannan Apply to All. In Apply kaɗai ka danna, shafin da kake kai ne kawai zai samu.

Duk da haka na Yauri ba su nuna lamba ba. Da na koma cikin Slide Master sai ga uwa har uku a jere, saboda yaron shagona ya manna shafukan rassan da Keep Source Formatting, kowane reshe ya taho da tasa, ta Yauri kuma an goge mata akwatunan ƙasa. Ana iya maido su da Master Layout a babban, da alamar Footers a ƙananan, amma ni uwa ɗaya nake so. Na zaɓi shafukan nasu, Home, Layout, na mai da su kan tawa, na sake shiga Header & Footer na danna Apply to All, sauran uwayen na goge su tunda ba mai amfani da su. Yanzu da Use Destination Theme muke mannawa, don silayid ya bi uwar da ya tarar.

Sai Reset, yana nan kusa da Layout, shi ke maido take da rubutu wurin da aka tsara masu. Amma fa gurbi kawai yake gyarawa. Tsofaffin tambarin da aka manna da hannu da duk abin da aka rubuta a Text Box bai taɓa su, dole na bi na goge, na kwashe rubutun na zuba a gurbi. Gane su ba wuya, in ka danna tambari a silayid ya zaɓu to na hannu ne, na uwa ba ya zaɓuwa sam.

Da na gama na cire bayanan na adana kwarangwal ɗin da Save As a matsayin PowerPoint Template, wato .potx, na tura wa sakatare ya raba wa rassan, baɗi kowa a kansa zai rubuta nasa.