Yadda na sa rashi ya cika ɗaki a cikin baiti

Da matata ta tafi wankan gida bayan haihuwarta ta fari, na ɗauki alƙalami don in rubuta mata waƙa ƙwar biyu, mai amsa-amon "ni". Abin da ke raina guda ɗaya ne, kewa. Sai dai kewar tana da fuska biyu: tana ci na, kuma da wani zai ce zai cire mini ita, da ban yarda ba. Duk aikin waƙar ya koma neman yadda zan faɗi wannan ba tare da na raba shi gida biyu ba.

Ɗangon da ya fara zuwa shi ne: "Da rana murna, da dare kuka gare ni." A kunne yana da daɗi, ga rana ga dare, ga murna ga kuka. Malaman balaga suna kiran irin wannan jera kishiyoyi ɗibaƙi, kuma ado ne mai kyau. Amma da na sake dubawa sai na ga babu wani karo a ciki. Murna tana da lokacinta, kuka yana da nasa, kowa ya san mutum na iya yin wannan da safe ya yi wancan da dare. Ni kuwa abin da nake ji ba karɓa-karɓa yake yi ba. Daga nan na gane sharaɗin farko: dole kishiyoyin biyu su zama gaskiya a kan abu ɗaya, a lokaci ɗaya, kuma sababinsu ɗaya. Shi ya sa "kukan daɗi" ya zauna daram a bakin Hausawa. Hawayen da daɗin tare suke fitowa, tushensu guda.

Na gwada "wuta mai sanyi". Na ajiye ta, domin da na tambayi kaina "ta yaya?" ban sami amsa a ɗakina ba. Wannan tambayar ita ce ma'aunina har yanzu. In kalmomi biyu sun yi karo, mai sauraro zai ɗan tsaya, kuma a wannan tsayawar dole ya iske wani abu da ya taɓa ji a jikinsa. In bai iske komai ba, zai ce mawaƙi yana wasa da baki ne kawai.

Sai na daina neman kalma, na duba ɗakin. Kwanukanta na jere a inda ta bar su. Labule bai saki ƙamshin turaren wutarta ba. Kan madubi ga kwalli, ga ɗan kunne ɗaya da ta manta. Lokacin da take nan ban taɓa lura da ko ɗaya ba. Da ta tafi, ko ina na juya ita ce. A nan baitin ya fito:

Rashinki ya cika ɗaki har ya matse ni,
Ina ta jinya, ina gudun mai magani.

Rashi ba ya cika wuri, amma duk wanda aka taɓa tafiya aka bari ya san yana cikawa. Ɗango na biyu da farko "Ina jinya amma ina gudun mai magani" ne. Na cire "amma". Ita "amma" tana shiga tsakani ne ta ba da haƙuri, kamar tana cewa na san maganar ba ta haɗu ba. Da zarar ta shiga, ji ɗaya ya tsage biyu. Dubi yadda muke cewa zuma ga zaƙi ga harbi: an ajiye su kafaɗa da kafaɗa, babu mai neman uzuri. Cire "amma" ya bar ɗangon da gaɓa 12, na sama kuwa 13, sai na ƙara "ta" bayan "ina", wadda ta kuma nuna jinyar ta daɗe. Ƙirga ba ta wadatar ba, tunda karin waƙarmu yana bin nauyi da sauƙin gaɓa, don haka na yi ta rerawa har ya daina tuntuɓe a harshe.

Abu na ƙarshe da na koya shi ne sanin iyaka. Da wannan baiti ya yi mini daɗi, hannuna ya so ya ƙara: kusa mai nisa, shiru mai ƙara, ɗauri mai 'yanci. Na hana shi. In kowane ɗango yana karo da kansa, mai sauraro zai gano dabarar ya fara jiran ta gaba, ya daina jin mai magana. Baitin da ya biyo baya na bar shi fili, babu ko lanƙwasa ɗaya: na tambayi lafiyar yaro, na ce a gaida Inna, na tambaye ta ranar da za ta dawo gare ni. Ko a ɗango biyun nan masu karo da na riƙe, da na sa "jinya" ita kaɗai, tana iya ɗauka ƙorafi nake yi cewa zamanta a gida ya yi tsawo. "Gudun mai magani" ne ya sanar da ita cewa ciwon nan ina son abina.